Likita, shayina da goron surukata: ina iyakar mai ciki?

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari.

Ina ɗauke da cikin wata biyar, kuma ni mashayiyar shayi ce tun ina gaban iyayena. A wurin awo, malamar asibiti ta ce kada mai ciki ta wuce miligiram 200 na sinadarin kafeyin a rana, domin yana ratsa mahaifa ya kai ga jariri, kuma idan ciki ya tsufa yakan daɗe a jiki bai fita ba. Ta ce yawansa na iya sa a haifi ɗa ba nauyi, ko ma ciki ya zube. Sai ta ba mu ƙiyasi: babban kofin shayi kamar 75 ne, na garin kofi na gwangwani da ake kaɗawa kamar 100, gwangwanin Koka-Kola kuma kamar 40.

Da na koma gida na yi lissafi. Shayin safe 75. Da rana idan barci ya fara fizgata a kan keken ɗinki nakan kaɗa kofi, ya zama 175. Ranar da zafi ya tsananta na ɗora lemo mai sanyi, na kai 215 ke nan.

To amma Likita, shayin gidanmu ba wanda ake tsoma jaka a cire ba ne. Ganye maigida ke zubawa a buta, ya bar shi a kan gawayi yana tafasa har ya yi baƙi ƙirin. Wannan ma 75 zan lissafa masa? In na cika shi da madara, kafeyin ɗin na raguwa, ko ɗacin ne kawai ke ɓuya?

Sai goro. Surukata kan ɓara mini tana cewa yana kwantar da tashin zuciya, su da shi suka yi goyon cikinsu. Ina jin nauyin in ƙi karɓa. Na san akwai kafeyin a cikinsa, amma malamar ba ta sa shi a lissafi ba. Ɓari ɗaya nawa zan ɗauke shi?

Maigida kuma ya ce ya ji Hukumar Lafiya ta Duniya 300 ta ambata. Wanne zan bi?

Na gwada barin komai lokaci guda, sai ciwon kai ya kwantar da ni. Shin in riƙa ragewa a hankali, in fara da kofin rana? Sannan ƙwayar ƙarin jini da ake ba mu, da shayin safe nake haɗiye ta, wata a layin awo ta ce shayi na hana ta aiki. Tazarar awa nawa ya kamata in bari tsakaninsu?

Don Allah a amsa mini a shirin wannan makon, a kuma sakaya sunana, domin Hajiya ma tana saurare.

Taku mai sauraro,
daga Funtuwa