Takardar Koke Kan Raunin Ruwan Famfo a Saman Bene

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mazauna saman bene a gidajen haya na ƙaramar hukuma muke kawo kukanmu. Famfunanmu tsiyaya kawai suke yi, alhali maƙwabtanmu na ƙasa ruwa na zuba musu da ƙarfi. Shi ya sa duk wanda aka turo dubawa, da ya murɗa famfon ƙasa sai ya koma ya ce lafiya lau.

Ƙarfin ruwan da ke saukowa daga tanki ya dogara ne da tazarar tsayi da ke tsakanin ruwan da bakin famfo: iya tsawonta, iya ƙarfinsa. Mun auna da mai gyaran famfo. Gindin tankinmu yana mita 6 daga ƙasa. Famfon ƙasa yana mita 1, wato tazarar mita 5 ke tura masa ruwa. Namu yana mita 4, saura mita 2 kacal. Kan shawa kuwa, da ƙyar tazararsa ta kai mita 1, don haka da ruwan tanki ya ja baya sai ta ɗauke.

Amma ba tsawo ne kaɗai ba, kuma mun gwada mun gani. Da tsakar dare, kowa ya rufe famfonsa, jarka mai lita 25 kan cika a ƙasa cikin minti 2, a sama cikin minti 4. Da safe, lokacin wanka da wanke-wanke, jarkar nan sai ta haura minti 15 a sama, wani lokacin iska kawai famfon ke hurawa. Dalili shi ne bututu ɗaya mai rabin inci ne ke ciyar da ginin duka, kuma ta ƙasa ya fara bi kafin ya hau. Idan na ƙasa suka buɗe, ɗan ƙarfin da ya rage ya ƙare a cikin siririn bututun. Na ƙarfe ne kuma, ya tsufa. Da aka kwance wata gaɓa, tsatsa ta cinye cikinta har fensir ba ya shiga. Mun wanke rariyar bakin famfunan tun farko, ba ta canza komai ba.

Abin da ya fi damunmu, tsofaffi da mata masu juna biyu ne ke hawa matakala da bokiti a ka, ga santsin ruwan da ke zuba.

Muna roƙon Mai Girma ya sa a ja wa saman bene bututunsa daban mai inci 1, kai tsaye daga tanki, a kuma cire mai tsatsar. Sannan injiniya ya duba ko za a ƙara wa hasumiyar tankin mita 3, bayan ya tabbatar za ta ɗauki nauyin, domin ruwa lita 1,000 tan guda ne. In za a turo mai dubawa, don Allah ya zo da ƙarfe 7 na safe, kuma ya hawo sama.

Allah ya ƙara girma.

Naka masu biyayya,
Mazauna saman bene