Na haddace gabatar da kaina, a gaban masu ɗaukar aiki ta kufce mini

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki? Don Allah ki sakaya sunana. Yau kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba, kuma ranar Talata mai zuwa ina da wata intabiyu, shi ya sa na ce bari in rubuto miki tun kafin in sake yin abin da na yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da ɗaya daga cikin mutum ukun da suka yi mini intabiyun da ta wuce ta faɗa. Ba ta ma ɗago kai ta dube ni ba, tana rubutu ta ce, "To, mun ji haddar. Yanzu ke muke so mu ji." A gaban maza biyu ta faɗa, ɗaya har ya sunkuyar da kai. Anti, mace ce kamar ni, ta san abin da mutum ke ji in ya zauna a wannan kujerar, amma ta zaɓi ta tozarta ni. Wallahi ba ƙarya na shirya musu ba. Duk abin da ke cikin maganata gaskiya ne, aikin da na yi ne da hannuna.

Bari in koma baya kaɗan. Yayana, wanda nake bi, shi ya rubuta mini abin da zan faɗa. Ya ce kusan duk intabiyu da tambaya ɗaya ake buɗewa, wato ba mu labarin kanki, kuma bai kamata amsar ta wuce daƙiƙa 90 ba, minti ɗaya da rabi ke nan. Wannan na yarda da shi, don kuwa da ita ɗin aka buɗe. Ya zauna ya tsara mini kalma 215, ya buga a takarda, ya ce kada in sauya ko waƙafi. Kwana tara muna yi. Kullum da dare zai riƙe takardar da agogon wayarsa, ni kuma in tsaya in karanto da ka. In na tsallake kalma ɗaya sai ya ce, "Koma farko." Haka har na riƙa gamawa a daƙiƙa 88 daidai, sau biyar a jere. Shi fa tun da ya kama aiki shekara goma sha ɗaya da suka wuce bai sake zama gaban kowa neman aiki ba, amma in yana magana sai ki rantse shi ya ƙirƙiro abin. Ban isa in ce masa a'a ba, shi ya biya mini kuɗin karatu tun bayan rasuwar Babanmu, kuma ba ya barin mutum ya manta da hakan.

Ga yadda ta fara, in na mayar miki da ita Hausa: "Ni mutum ce mai ƙwazo, riƙon amana da son ci gaba, wadda ta ƙware wajen aiki tare da jama'a da kuma cim ma manufa a kan lokaci." Tun ranar farko na ji wannan jimla ba ta zauna a bakina ba. Ban taɓa yi wa kowa magana haka ba a rayuwata. Daga nan sai jerin makarantu, tun daga sakandare, kowace da shekararta, abin da duk yana cikin takardar da ke gabansu. Sai can wajen daƙiƙa 60 ake zuwa kan aikin da na yi.

Na manta ban gaya miki ba, aikin kula da sito ne, kuma da Turanci ake intabiyun. Shekara huɗu na yi ina wannan aiki a wani kamfanin rarraba kaya kafin su rufe reshenmu. Ina jin Turanci, ina rubuta rahoto da shi, sai dai in na tsorata yakan gudu ya bar ni. To ki gaya mini, wanda yake wannan hali laifi ne don ya haddace?

A ɗakin na fara lafiya. Amma ina ji da kunnena ina gudu, abin da nake yi a daƙiƙa 88 a gida ina jin da an bar ni da ban kai 70 ba. Idona kuma ya ƙi tsayawa a kansu, sai sama yake tafiya, don a can nake ganin layukan takardar. Muryata ta zama shimfiɗe, ba hawa ba sauka. Da na iso inda na ce na rage yawan kayan da ke lalacewa a sito, sai ɗaya daga cikin mazan ya katse ni ya ce, "Ta yaya?" Anti, a nan na yi magana kamar mutum. Na ce masa na tarar ana jibge sabon kaya a gaban tsoho, tsohon ya yi ta zama a baya har wa'adinsa ya ƙare. Sai na sa aka juya tsarin, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita, na kuma riƙa manna wa kowane kwali takarda mai launi gwargwadon watan da zai lalace, duk ranar Litinin in zagaya in duba. Ya gyaɗa kai, har ya rubuta wani abu. Sai ya ce in ci gaba.

Nan fa komai ya tsaya. Na rasa inda nake. Ashe kowace jimla da wutsiyar ta gabanta nake kamo ta, da aka yanke igiyar sai sauran suka zube. Na yi shiru, ban san tsawon lokacin ba, sai bakina ya yi abin da aka koya masa kwana tara: ya koma farko. "Ni mutum ce mai ƙwazo, riƙon amana..." da murya iri ɗaya, kalma bayan kalma. A nan matar ta yi maganarta.

Da na dawo gida na ba Yaya labari, ko sannu bai ce mini ba. Cewa ya yi haddar ce ba ta zauna ba, da ta zauna da ko an katse ni sau goma zan ɗora daga inda na tsaya. Ya ce wannan karon za mu raba ta gida shida, kowane gida da lamba. Wato laifina ne. Ko kusa bai kawo cewa takardarsa ce ta kai ni ba.

Jiya na kira wata tsohuwar abokiyar aikina da ta sauya wurin aiki sau biyu, na yi mata kuka. Ita maganarta daban ce gaba ɗaya. Ta ce in yaga takardar. Ta ce abu uku kawai zan riƙe a kai, ba kalmomi ba: wace ce ni a wajen aiki yanzu, abu ɗaya da na taɓa yi da ke nuna hakan, da dalilin da ya kawo ni wurinsu. Na farko kamar daƙiƙa 20, na tsakiya 45 ko 50 don shi ne naman maganar, na ƙarshe 20. Jimlar farko da ta ƙarshe kaɗai ta yarda in san su sosai, ta farko don kada in daburce wajen tashi, ta ƙarshe don in san inda zan sauka in yi shiru. Abin da ke tsakani, ta ce, kowane gwaji ya fito da kalmomi daban, in na ji ya fito iri ɗaya sau uku to na fara komawa gidan jiya. Ta ce in cire duk wata kalmar yabon kai, labarin kwalayen nan ya isa ya nuna ina da lura ba sai na furta ba. Kuma in sa wani ya riƙa katse ni da gangan yana tambaya, don in saba komawa kan abu na gaba maimakon kalma ta gaba.

Na gwada da daddare, na kulle ɗaki na ɗauki muryata a waya. Na fara da cewa shekara huɗu na yi ina kula da sito, tun daga karɓar kaya har fitarsu da lissafin ƙarshen wata. Wannan ya fito da daɗi. Amma da na shiga labarin kwalaye sai na zarce, na kawo rigimar da muka yi da direbobi, na kawo yadda aka rufe reshe, da na duba waya minti biyu da daƙiƙa 40, ban ma iso dalilin zuwana ba. Na biyu na matse, ya fito daƙiƙa 55, kamar ana kora ta. Na uku ya kai 100, shi ne ya fi, amma da na saurara na ƙirga "eh" da "am" guda goma sha huɗu, sau biyu kuma na fara jimla na bar ta na kama wata. Ita ta ce ba komai, wai ɗan tsayawa da gyara magana shi ke nuna mutum tunani yake yi, in dai na koyi yin shiru na numfashi ɗaya a maimakon "am". Ni kuwa da na ji muryar sai kunya ta kama ni. Takardar Yaya ko ba komai a tsabtace take.

Sannan kashi na uku ya gagare ni. Gaskiyar dalilina ita ce wata bakwai ba ni da albashi. Ta ce in koma sanarwar aikin in duba abin da suka fi nanatawa. Na duba, sun ambaci ƙidayar kaya da daidaita rajista da kayan da ke cikin sito har sau biyu, kuma wannan shi ne abin da na fi iyawa. Na san zan iya cewa shi ya ja ni. Amma in na shirya wannan jimlar na riƙe ta, ba haddar ba ce ta dawo ta bayan gida? Ina iyakar shiri, ina farkon hadda? Sau nawa zan maimaita kafin abin ya zauna, kuma ta yaya zan gane na wuce gona da iri? In na yi sau ashirin ai dole kalmomin su daskare, in na yi sau uku kuma minti biyu da rabi zan kwashe ina zuba.

Kuma Anti, ita waccan matar, kina ganin abin da ta yi daidai ne? Har yanzu ba su kira ba. Wani lokaci sai in ce ƙila dama ta ba ni da ta ce ni suke so su ji, ni ce ban gane ba, don bayan maganar tata amsoshina duk gajeru suka koma, eh da a'a. Wani lokaci kuma in ce a'a, wulaƙanci ne kawai.

Yau da safe Yaya ya turo mini sabuwar takarda, gida shida da lambobinsu, ya ce in shirya bayan sallar isha'i. Ban amsa ba tukuna. In na ce masa hanyar ƙawata zan bi, zai ce na fifita bare a kansa, in kuma na faɗi ranar Talata ba zan ƙara samun bakin magana a gidan nan ba. In na bi tasa, na san abin da zai faru da zarar wani ya ce "ta yaya?" Ko in riƙa tsaya masa ina karantowa da dare, in shiga ɗaki in yi tawa a ɓoye? Tsorona kada biyun su cakuɗe mini a baki. Me zan ce masa yau da daddare?

Taki,
Ƙanwarki mai jiran amsa