Zuwa ga Malam Sani, daga Kumasi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya. Mu ma nan Aboabo lafiya ƙalau, alhamdulillahi.

Ka tambaye ni yadda nake ba wa 'yan nazare maki a rubutu, tunda kai ma an ɗora maka ƙaramin aji. To, abin da nake ƙi shi ne malami ya kalli shafi ya rubuta "da kyau" ko 6 cikin 10. Idan uwar yaro ta zo ta ce me za a gyara, ba shi da amsa. Ni abu huɗu nake aunawa, kowanne daga maki 1 zuwa 3: riƙon fensir, danna fensir, yadda ake gina harafi, sai zaman haruffa a kan layi da tazararsu. Idan matakan suka wuce uku, kai kanka ba za ka iya bambance 3 da 4 ba.

Riƙo ba a ganin sa a takarda, sai ka tsaya kan yaro yana rubutu. Maki 1 shi ne ya dunƙule fensir a tafin hannu, rubutun na fitowa daga kafaɗa. Maki 2, ya riƙe da yatsu amma sun sandare, tsintsiyar hannu ce ke motsi. Maki 3, fensir na tsakanin babban yatsa da manuniya, ya kwanta kan ɗan tsakiya, gefen hannu na kan takarda, yatsun ne ke tafiyar da shi. Yawancin yara suna kaiwa wannan mataki tsakanin shekara 4 da 6, don haka ɗan shekara 4 mai maki 2 bai makara ba. Wanda ya sa yatsu huɗu kuwa, muddin suna motsi kuma ba ya kukan ciwo, 3 nake ba shi. Rubutunsa bai fi na mai yatsu uku muni ba, kuma bai fi shi jinkiri ba. Bahago ma haka. Ka san mutanenmu da hannun hagu, amma a rubutu ba na rage masa komai. Nakan karkata masa takarda zuwa dama, ya ɗan ja yatsunsa baya daga bakin fensir don ya ga abin da yake rubutawa.

Dannawa ba ta da wuya: juya shafin ka shafa bayansa. Idan ka ji haruffa sun taso, ko kuma rubutun ya dushe har ba ya karantuwa, 1 ne. Idan wani wuri duhu wani wuri haske, 2. Idan ya daidaita, 3.

Ginin harafi ne ke ba mu aiki a nan zango. Yaranmu da yamma suna makarantar allo, suna rubutu daga dama zuwa hagu, da safe kuma mu ce su fara daga hagu. Shi ya sa nake duba inda yaro ya sa fensir ya fara, da inda ya nufa. Juya b ta zama d abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7, saboda haka alama kawai nake sawa a gefe, ba na cire maki.

Ga misalin wata yarinya 'yar shekara 5 a ajina. Shafinta tsaf, ko wane baƙo zai yaba. Da na tsaya a kanta, sai na ga fensir a dunƙule, farcenta ya yi fari don matsewa, bayan layi biyu tana yarfe hannu. Riƙo 1, dannawa 1. Harafin "a" kuwa, da'ira take yi ta ɗaga fensir ta liƙa mata sanda, na ba ta 2. Layi da tazara 3. Jimla 7 cikin 12. Wani yaro mai 2, 2, 2, 1 shi ma 7 ne, alhali matsalarsu ba ɗaya ba ce. Don haka lambobin huɗu nake nuna wa iyaye, jimla ta rajista ce kawai. Yarinyar na ba ta guntun fensir, wanda bai kai tsawon ɗan yatsana ba, don ba shi da wurin da za a dunƙule, na kuma sa ta riƙe 'yar ƙwallon takarda da ƙananan yatsunta biyu.

Kafin ka fara, ku zauna da wani malami, kowa ya ba wa shafuka goma maki ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba. Inda kuka saɓa, yawanci kalmomin da ka bayyana matakan maki da su ne ba su fito fili ba. Cire "tsafta", ka rubuta "haruffa suna zaune a kan layi". Kuma kalmomi iri ɗaya za a ba kowane yaro ya kwafa.

Ka gaishe min da Hajiya da yara. Idan ka gwada, ka rubuto min makin da suka fi faɗuwa a ajinka.

Naka,
Malam Haruna