Yadda Yayin Ɗinki Ke Zuwa Ƙauye Ya Mutu

Edita,

Tela ce ni a wani ƙauye kusa da Ringim. Abokan sana'a da yayi ke cinye wa jari nake so su ji wannan.

Ku duba ɗinkin nan mai hannu kumbura. Irinsa yakan fara ne a bajekolin Paris ko na Legas, inda ake nuna kaya wata shida kafin su shiga shago. Daga nan amaren Abuja da manyan gidajen Kano su ɗinka da leshi mai tsada, hoton biki ya bazu a waya. Sai 'yan mata su zo min da hoton: “Anti, irin wannan, amma da atamfa.” A nan ake samun kuɗi, don kowace sai an auna ta, kuma telan da ya gane sirrin sa raga a cikin hannun don ya tsaya ne ke cin kasuwa.

Sai 'yan kasuwa su kai samfurin zuwa birnin Guangzhou na China, ya dawo Kwari dila-dila, an cire ragar, yadin ya yi shara-shara, farashinsa bai kai kuɗin ɗinkina ba.

Ni ranar kasuwa nake gane yayi ya zo ƙarshe. In na gan shi a rataye a rumfar 'yan yayi, har da na 'yar shekara uku, masu anko kuma sun daina tambaya, to na bar sayen kayansa. Na taɓa yin jinkiri. Ragar nan yadi 20 tana ƙarƙashin gadona har yau.

Wata tela, Ringim, Jigawa