Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hajiya mai sayar da atamfa: batun sikirin, launi da gajiyar ido

"Malam, ina sayar da atamfa da leshi ta hanyar hoto, kuma a laftof nake gyara hotunan. Masu saye suna ƙorafin launin da suka gani ba shi suke samu ba, ni kuma idona na zafi kullum da dare. Mai shago ya ce in sayi mai OLED, wani ya ce IPS. Ban ma san wanne ne nawa ba. Wanne ya fi, kuma wanne ne ba ya cutar da ido?"

Hajiya, assalamu alaikum. Allah ya sa albarka a kasuwa.

Ciwo biyu kika kawo, kuma ba magani ɗaya gare su ba. Na launi, lallai irin sikirin ɗin na da hannu dumu-dumu a ciki. Na ido kuwa, sunan da aka rubuta a kwali kaɗan yake faɗa miki. Mai shago ya haɗa su ne don shi abin da ke gabansa ciniki.

Ban da IPS da OLED da kika ambata, akwai irin sikirin na uku mai suna TN. TN da IPS dangi ɗaya ne, duk LCD ne. A bayansu akwai fitila da ke kunne koyaushe, a gabanta kuma akwai wani siririn ruwa mai ƙwayoyi da lantarki ke juya su, su buɗe wa haske hanya ko su tare shi, kamar yadda ake karkata gilashin tagar luba. Inda suka rabu shi ne yadda ƙwayoyin ke juyawa. A TN, wanda aka ƙirƙiro tun 1970, ƙwayoyin miƙewa suke yi tsaye, don haka hasken da ya iso idonki ya danganta da inda kanki yake. A IPS, wanda kamfanin Hitachi ya fitar kasuwa a 1996, a kwance suke juyawa, shi ya sa launin ba ya sauyawa sosai ko ta gefe kika duba. OLED kuwa wani gida ne daban. Ba shi da fitila a baya, kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, in an ce baƙi sai ya mutu ɗungurungum.

Sanin naki ba ya bukatar mai gyara. Buɗe hoton wata atamfa mai ruwan goro ko shunayya, ki tura murfin laftof ɗin baya a hankali, sannan ki jawo shi gaba. In TN ne, a gefe ɗaya hoton zai yi duhu har wasu launuka su kife, mai haske ya koma mai duhu, a ɗaya gefen kuma ya koɗe ya yi fari-fari. Ko ba ki taɓa murfin ba, ki cika sikirin da launi guda, za ki ga sama ya fi ƙasa duhu. To ki duba abin da wannan ke jawowa. Da safe kin zauna a kujera kin ga leshin ya yi duhu, kin ƙara masa haske. Da dare kin ɗora laftof ɗin a cinya, kin ga wani ya koɗe, kin rage. Hotunan biyu duk kin gyara su ne bisa ƙaryar da sikirin ya yi miki. Mai saye ta buɗe a wayarta, ta ga abin da babu shi a shago.

Ina kyautata zaton naki TN ne, domin yawancin laftof na hannu masu sauƙin kuɗi da aka kwaso daga ofisoshin Turai haka suke zuwa, musamman masu yawan ɗigo 1366x768. Saboda haka a batun launi hukuncina a fili yake: ki rabu da TN.

Sai dai a nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Ba kowane IPS ne ke nuna cikakken launi ba. IPS alkawarin da ya yi miki shi ne launi ba zai sauya ba in kin motsa kai. Bai yi alkawarin yawan launin ba. Hotunan intanet kusan duka a kan ma'aunin launi mai suna sRGB ake yin su, kuma sikirin da zai nuna su daidai shi ne wanda aka rubuta masa 100% sRGB, ko 72% a wani ma'aunin mai suna NTSC, waɗanda kusan abu ɗaya ne. Da yawa daga IPS masu araha kuwa 45% NTSC ne, wato ba sa kai kashi biyu cikin uku na sRGB. A irin wannan, ja jawur yakan fito kamar ruwan bulo, kore shar ya fito a gajiye. Ke kuma da kika ga haka sai ki ƙara wa hoton kauri don ya yi kama da turmin da ke hannunki, a wayar mai saye sai ya zarce.

A ce kin je kasuwa an ajiye miki laftof biyu, sunansu ɗaya, inci 14, ƙarfinsu ɗaya. Kamfanoni kan sa sikirin iri-iri a samfuri guda, don haka sunan laftof bai isa shaida ba. A takardun HP, SVA na nufin TN, UWVA kuma IPS ne ko danginsa. Dell kan rubuta WVA ga dangin IPS. In mai shago ya san lambar sikirin ɗin, ƙirar kamfanin sikirin AUO mai farawa da B140XTN ko B140HTN duk TN ne, B140HAN kuma dangin IPS. Ki lura da na tsakiyar nan, 1920x1080 ne amma TN, don kada a ce miki "Full HD ne" ki ɗauka magana ta ƙare. Ki tafi da ƙyallen atamfa mai ja da kore da hotonsa a filasha, ki buɗe a duka biyun, ki kara ƙyallen kusa da sikirin a inuwa. Wanda jansa ya mutu, ki bar musu kayansu ko da an rantse miki IPS ne.

OLED fa? Kyau kam yana da shi. IPS na yau da kullum farinsa ya fi baƙinsa haske kamar sau dubu, shi ya sa a ɗaki mai duhu baƙinsa ke zama toka-toka, OLED kuwa baƙi ne ƙirin. Amma ga mai sana'arki kyan nan na iya zama tarko. OLED na iya nuna launuka masu kauri fiye da sRGB, in ba a saita shi ba sai ya ƙawata hoton fiye da gaskiyarsa, ki tura shi a haka kina ganin ya yi. Ga tsada, ga kuma tabon da abin da ya daɗe a wuri guda ke bari, kamar layin ƙasan Windows, wanda ba ya gogewa. A na hannu wannan abin dubawa ne: a cika sikirin da ruwan toka, in akwai inuwar tsofaffin rubutu za ta fito. Ni dai da kuɗinki a hannuna, IPS mai 100% sRGB zan saya, ragowar in zuba a jari. In laftof ɗin naki lafiya lau yake, monita mai inci 24 irin wannan ta wadatar, ki jona ta kawai.

Ko kin yi duk wannan, wayar mai saye ba a hannunki take ba. Wayoyin Samsung, alal misali, suna da saitin launi na Vivid da na Natural, kuma na farkon ƙara wa launi kauri yake yi. Iyakar naki ki fitar da hoton a sRGB, ki kashe saitin Night light na Windows lokacin gyara domin yana mayar da komai ruwan ɗorawa, ki kuma ɗauki hoton a hasken rana cikin inuwa.

Yanzu ido. Abu na farko da nake zargi shi ne haske, ba irin sikirin ba. An ɗauke wuta, ɗaki ya yi duhu, laftof na kan cikakken haskensa na rana, ido na ta kokawa tsakanin fari tas da duhun da ke kewaye. Ki ɗauki farar takarda ki riƙe kusa da farin shafi a sikirin. In sikirin ya fi takardar haske ƙwarai, ki rage har su yi kusa. Ki kuma kunna ko 'yar fitila mai caji a gefe, ta haska bangon da ke bayan laftof ɗin.

Rage hasken ma yana da nasa ƙalubale, kuma a nan ne OLED ke ba wasu mamaki. Sikirin da yawa ba rage ƙarfin haske suke yi ba, kunnawa da kashewa suke yi da sauri, abin da ake kira PWM. Wayoyi masu OLED da dama suna yin haka sau 240 ko 480 a sakan guda. Ido ba ya ganin ƙyaftawar, mutane da yawa ma ba ta damun su, amma akwai waɗanda take sa wa ciwon kai da nauyin ido, kuma ta fi tsanani in haske ya yi ƙasa, wato daidai lokacin aikinki na dare. Wasu LCD ma suna yi, har da IPS. Gwajin ba wuya: rage hasken sikirin, buɗe kyamarar waya a saitin Pro, sa saurin ɗauka a 1/4000, ki nuna ta. In kin ga faffaɗan layuka baƙaƙe suna gudu, kuma suna ƙara kauri in kin ƙara rage haske, to yana ƙyaftawa. A monita ki nemi wadda aka rubuta wa Flicker-Free, wato marar ƙyaftawa.

Zafin da kike ji kuwa, sau da yawa bushewa ce. Mai kallon sikirin ba ya ƙifta ido yadda ya saba, balle a lokacin hunturu ko fanka na bugun fuska. Ki matsar da sikirin kamar tsawon hannu, samansa ya kasance daidai ido ko ƙasa kaɗan, ki ƙara girman rubutu a saitin Scale na Windows zuwa 125% maimakon ki riƙa kai fuska. Duk minti 20 ki ɗaga kai ki kalli abu mai nisan mita shida na sakan 20. Sikirin mai sheƙi kamar madubi, irin na yawancin OLED, yana dawo miki da hoton taga da ƙwan lantarki, marar sheƙi ya fi sauƙin zama da shi.

Gilashin da ake tallatawa na tare shuɗin haske, kada ki yi saurin sayensa. Bitar da Cochrane, ƙungiya mai tantance binciken lafiya, ta fitar a 2023 ba ta sami hujjar cewa yana rage gajiyar ido ba. Kuɗinsa ya fi amfani a wajen gwajin ido, musamman in kin haura arba'in, shekarun da ganin kusa ke fara raguwa ga kowa. Ki gyara haske da zama na mako biyu. In zafin bai lafa ba, ko kuma akwai ja, ko gani biyu-biyu, ko ciwon kai mai naci, ki tafi asibitin ido kafin ki tafi kasuwar kwamfuta, ki kuma faɗa wa likitan awa nawa kike yi a gaban sikirin da kuma tazarar da ke tsakaninku.

Wassalam,
Ɗan'uwanki mai gyaran kwamfuta