Wasiƙa zuwa ga Auta a kan koyar da yara ta kiran bidiyo

Birmingham, Ingila

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da Baba da Mama da duk mutanen gida. Saƙonki ya iso, na saurare shi har sau biyu. Kin ce tun da kika gama bautar ƙasa albashin makarantar kuɗin da kike koyarwa a Tudun Wada bai wuce na mota da sabulu ba, kina so ki gwada koyar da yara ta kiran bidiyo, kuma kina tambaya a ina za ki sami ɗalibai, nawa za ki riƙa karɓa. Na zaɓi in rubuto ne maimakon mu yi ta waya, domin akwai lissafi a ciki da nake so ki zauna da biro ki bi.

Shawarata ki fara da koyar da Hausa ga 'ya'yan mutanenmu da ke nan, ki ajiye batun lissafi da kimiyya tukuna. Yaron da zai zauna jarrabawar GCSE a watan Mayu da Yuni, iyayensa malamin da ya san manhajar hukumomin jarrabawa irin su AQA ko Edexcel ciki da bai suke nema, kuma irin waɗannan malamai sun cika gari. Amma uwar da 'yarta take jin Hausa tana mayar da amsa da Turanci, har kaka ta kira daga Kaduna a rasa mai cewa "ina wuni", wannan uwa tana neman wadda za ta taimaka mata ido rufe, ba ta samu ba. Nan ne kasuwarki.

Ɗaliban farko ba daga talla za su zo ba, daga bakin uwa zuwa kunnen uwa za su zo. Ki ɗauki bidiyo na minti ɗaya, ki fuskanci taga don haske ya sauka a fuskarki, ki faɗi abin da kika karanta da shekarun yaran da kike karɓa, sannan ki koyar da abu guda a ciki, ko da bambancin "kara" da "ƙara" ne. Ki turo min in saka a zaurukan WhatsApp na matan Arewa da ke nan. Duk wadda ta neme ki, ki ba ta gwaji na minti 20 kyauta, kar ya wuce haka, kuma uwar ta zauna a gefe. A wannan gwajin za ki gane ko yaron yana ji bai iya mayarwa ba ne, ko kuwa ko jin ma ba ya yi, don hanyar koyar da su ba ɗaya ba ce. Kafin ku rabu ki faɗa wa uwar abin da za ta gani da idonta: "Hajiya, bayan darasi takwas in sha Allahu 'yarki za ta kira kakarta ta gaishe ta, ta tambayi gajiya da mutanen gida, ba tare da kin sa mata baki ba." Alkawari irin wannan ake biya wa kuɗi, shi kuma ake kai wa maƙwabciya labari.

Akwai kamfanonin da ke haɗa malami da ɗalibi, irin su Preply. Suna kawo ɗalibai, amma ki san cewa a Preply kuɗin darasin gwaji na sabon ɗalibi nasu ne gaba ɗaya, sannan suna fara cire kashi 33 cikin ɗari na abin da kika samu, yana raguwa har zuwa kashi 18 in awanninki sun taru. Zan dawo kan wannan in mun yi lissafi.

Kafin kuɗi, batun agogo, don shi ne ya fi ɓata tsakanin malami da iyaye. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonmu da naku ɗaya ne. Daga nan kuma mu muke komawa baya da awa ɗaya, ku ba ku motsawa. Wato darasin ƙarfe biyar na yamma a nan, a watan Disamba ƙarfe shida ne a Kaduna, ana dab da kiran Magariba. Don haka kullum ki rubuta lokaci biyu a saƙo, na nan da na gida, kuma sati guda kafin a juya agogo ki sake zama da kowace uwa ku daidaita. Yara a nan suna tashi makaranta wajen uku da rabi, da yawansu kuma suna wucewa Islamiyya da yamma, saboda haka abin da za ki samu a ranakun aiki bai wuce darasi biyu ko uku ba. Asabar da Lahadi da safe su ne lokacin da kowa ke rububi, kar ki yi arha da su.

To ga lissafin. Kuskuren da sababbi ke yi shi ne su ɗauka minti 45 ɗin da suka zauna gaban kyamara kaɗai ake biya. Ba haka ba ne. Darasi ɗaya yana cin minti 45 na koyarwa, da kamar minti 30 na shiri, neman hotuna da rubuta jimlolin ranar, da minti 15 na tura wa uwa bayani da sauraron muryar da yaro ya ɗauko ta aikin gida. Awa ɗaya da rabi ke nan.

Alƙaluman da zan sa yanzu na misali ne, ki cire su ki sa farashin da kike gani a Kaduna yau. Mu ce kin yanke cewa awa ɗaya ta aikinki ta kai naira 6,000. Awa ɗaya da rabi ta zama 9,000. Sai abin da darasin ya ci miki: kiran bidiyo na awa ɗaya yana shan data tsakanin rabin giga da giga ɗaya, ki ƙaddara giga ɗaya. Ki haɗa da kuɗin caji ko man janareto, mu ce 1,500. Kwamfuta da abin sawa a kunne su ma suna tsufa, wata rana sai an sake su, ki ware musu 500 a kowane darasi. Jimla 11,000. Saura abu ɗaya da kowa ke mantawa. Shekarar karatu a Ingila sati 39 ce, kuma da an yi hutu, musamman dogon hutun ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, iyalai suna tafiya, darasi ya tsaya. Ke kuwa sati 52 za ki ci abinci. Sai ki ƙara kashi ɗaya bisa uku a kan 11,000, ya zama kusan 14,700. In mun ƙaddara fam ɗaya naira 2,000 ne don sauƙin lissafi, fam bakwai da ɗan ɗoriya ke nan. Wannan shi ne ƙasanki, duk abin da ya gaza haka ke kike biyan kuɗin koyar da 'yar wani. Sai ki faɗi fam 8. Darasi biyu a sati, takwas a wata, fam 64 ke nan daga gida ɗaya. In ta hanyar Preply ne kuma suka cire kashi 33, kwatankwacin fam 8 ɗin nan zai dawo fam biyar da ɗan abu, ya faɗi ƙasa da ƙasanki, don haka a can sai kin sa kusan 11 kafin ki tsira.

Yanzu ki juyo ta ɓangaren uwar, don adalci ba naki kaɗai ba ne. Na san a gida ana ganin duk wanda ke nan kuɗi yake shara. Mafi ƙarancin albashi da aka sa a nan a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa ga wanda ya kai shekara 21, kuma da yawa daga matanmu da ke aikin kula da tsofaffi kusa da haka suke karɓa, kafin a cire haraji, kafin kuɗin haya. Fam 8 ɗinki ya fi rabin awa na tsayuwarta a wurin aiki. Shi ya sa ba na so ki riƙa duban gidan mutum ta kyamara kina ƙara masa kuɗi. Farashi ɗaya ga kowa, domin matan nan suna magana da juna, ranar da wata ta ji an karɓi takwas a hannun ƙawarta ita an karɓi sha biyu, kin rasa su duka biyun. Inda ragi ya halatta shi ne 'yan gida ɗaya a kira ɗaya: na biyu ya biya rabi, wa da ƙani fam 12. Amma in tazararsu ta wuce shekara uku ki raba su, in ba haka ba babban zai riƙa amshe amsa, ƙaramin ya koma wasa da kujera.

Ki faɗi farashinki da fam, ki karɓa da naira a canjin ranar, ta manhajojin aika kuɗi da suka saba da su. Kuɗin wata ake biya a farkon wata, ba a ƙarshe ba. Ki rubuta ƙa'ida a saƙo ɗaya tun ranar farko: wanda ya sanar da awa 24 kafin lokaci za a ɗaga masa darasi, wanda bai sanar ba darasin ya tafi, in kuma daga wajenki matsala ta fito ke za ki rama kyauta a cikin satin. Na san kunya za ta so ta hana ki, musamman in 'yar uwa ce ko ƙawar Mama, amma faɗa tun farko ya fi jin nauyin bin bashi daga baya. Kuma duk baƙon da ya ce ya turo kuɗi sun yi yawa ki mayar masa da ragowa, kar ki duba hoton rasit ko saƙon da ya shigo, ki buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki. Tsohuwar damfara ce.

Wannan ƙa'ida ta ramuwa ita za ta tilasta miki gyara wuta da sabis. Uwa za ta yafe yankewa sau ɗaya, sau biyu, a na uku shiru kawai za ki ji. Ki riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. Minti goma kafin darasi ki buɗe fast.com, ki danna wajen ƙarin bayani ki ga ƙarfin turawa, ba na saukewa kaɗai ba, domin hotonki da muryarki turawa ake yi. In ya kai 2 Mbps kin wadatu. In uwar ta ce muryarki tana kakkatsewa alhali ke kina jin su sarai, turawarki ce ta yi rauni: ki kashe kyamararki na ɗan lokaci ko ki koma ɗaya layin. In kuwa kina jin muryarki tana dawo miki, daga wajensu ne, a rage ƙarar na'ura ko a sa wa yaron abin kunne. Kwamfuta ta kasance cike da caji, ki tanadi fitila mai caji a gabanki ba a bayanki ba, don kar a ɗauke wuta yaro ya ga duhu yana magana. Zoom na kyauta yana yanke kira a minti 40, darasinki kuwa 45 ne, to ki yi amfani da Google Meet, wanda ba ya yanke kiran mutum biyu a wannan tsawon.

Abu na ƙarshe, mutanen nan suna da tsanani a kan tsaron yara, kuma suna da gaskiya. Duk saƙo ta wayar uwa ko uba zai bi, ba ta yaro ba, kuma kar ki ɗauki bidiyon darasi ko ki sa hoton ɗan wani a talla sai da izininsu a rubuce.

Ki roƙi Baba ya bar miki ɗakin zaure daga La'asar zuwa Isha'i, ya fi nesa da hayaniyar tsakar gida. Ki turo min bidiyon da lissafinki na gaskiya kafin Juma'a, akwai mata biyu da na riga na yi wa maganarki. Ki gaishe min da Mama, ki ce mata yajin da ta aiko ya iso lafiya.

Wassalam,
Yayarki