Wasiƙa kan littattafan da za ka nema kafin ranar gabatarwa

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya karatu, ya haƙuri da rashin ganin juna? Saƙonka ya iso. Ka ce saura mako uku ka tsaya gaban aji da malamai ka gabatar da aikinka cikin minti goma, kuma da zarar ka tuna sai bakinka ya bushe. Ka tambayi littafin da za ka saya. Matsalar taka ba ɗaya ba ce, uku ce: yadda za ka tsara maganar, yadda za ka kare ta in an jefo maka tambaya, da kuma tsoron idon mutane. Babu littafin da ya iya duka ukun, saboda haka kowace da nata. Kuma ba sai ka karance su daga bango zuwa bango ba, mako uku ba zai isa ba.

Fara da na Stephen Lucas, The Art of Public Speaking, wanda ya fara fitowa a 1983 kuma aka yi ta sabunta shi. Don ɗaliban jami'a aka rubuta shi, shi ya sa ya fi dacewa da kai. Ka lura wajen nema: akwai wani tsohon littafi mai wannan sunan daidai, na Dale Carnegie da Esenwein, na 1915. Duba sunan marubuci kafin ka ɗauka. Tsohon bugu na Lucas ɗin ya wadatar, in akwai a laburarenku ara kawai.

Abin da nake so ka ɗauko daga ciki shi ne babin tsara jawabi, inda ya raba takardar shiri da takardar magana. Takardar shiri ita ce wadda kake rubuta kowane batu da cikakkiyar jimla, da hujjarsa a ƙarƙashinsa, da inda ka samo ta. Wannan a ɗaki za ta zauna. Wadda za ka shiga da ita aji gajera ce: kalmomi biyu zuwa biyar ga kowane batu, manyan baƙaƙe, da alƙaluman da kake tsoron mantawa, sai 'yan umarni ga kanka a gefe da jan biro, kamar "dakata" ko "ɗago kai". Mai kunya yakan tsallake wannan mataki, ya yi ɗayan biyu. Ko dai ya rungumi cikakken rubutu yana karantawa, murya ta koma ɗaya babu hawa babu sauka, kai a sunkuye har ya gama. Ko kuma ya haddace kalma bayan kalma, wanda ya fi haɗari, domin kowace jimla a hadda tana rataye ne da wadda ta gabace ta. Wani ya yi tari ko ƙofa ta buɗe, kalma ɗaya ta kuɓuce, sai sauran duka su bi ta. Wanda ya riƙe jerin batutuwa kuwa, in jimla ta ɓace masa sai ya faɗi abin da wasu kalmomin, babu wanda zai sani. Jimlolin farko biyu da ta ƙarshe kaɗai za ka haddace, don a nan ne rawar murya ta fi tsanani.

Ga lissafin lokaci. Magana a natse gaban jama'a da Turanci takan ci kalmomi 120 zuwa 150 a minti. Ka ɗauki 120, ka shirya na minti tara, wato kalmomi kamar 1,100. Minti ɗaya ga buɗewa, bakwai ga jikin magana, ɗaya ga rufewa. Minti bakwai ba ya ɗaukar fiye da batu uku. In ka gwada a ɗaki ka ga ka kai minti goma sha biyu, kada ka ƙara sauri, cire batu guda ɗungurungum.

Na biyu ƙarami ne, shafi ɗari da 'yan kai: A Rulebook for Arguments na Anthony Weston. A nan nake so ka fi daɗewa, domin rabin tsoron tambayoyi daga rashin sanin inda hujjarka take da rauni yake zuwa. Ƙa'idarsa ta farko ita ce ka raba abin da kake da'awa da dalilan da ka ɗora shi a kai. Bari mu gwada da misali. A ce ka raba wa ɗalibai 60 takardar tambayoyi, ka gano cewa masu barcin ƙasa da awa shida makinsu ya fi ƙasa. Sai ka rubuta a allo: "Ƙarancin barci yana jawo faɗuwa jarrabawa." Malamin da ke zaune a gaba zai kama ka a wuri uku, kuma dukansu suna cikin littafin nan.

Zai tambaya su waye sittin ɗin. In duk 'yan ajinku ne, to ba su wakilci ɗaliban jami'ar ba, balle ɗalibai gaba ɗaya. Zai tambaya ko ba akasin haka ba ne: mai yiwuwa wanda karatu ya riga ya yi wa wuya shi ne ke raba dare yana bita, wato ƙarancin maki ne ya hana barcin. Sannan zai kawo sanadi na uku, kamar ɗalibin da ke aikin dare don biyan kuɗin makaranta, wanda aikin ne ya cinye masa barci da lokacin karatu duka biyun. Babin Weston kan hujjar sanadi yana koya maka ka yi wa kanka waɗannan tambayoyin tun kafin wani ya yi. Abubuwa biyu su zo tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan.

To me za ka yi? Rage da'awar ta koma daidai da abin da hujjarka za ta iya ɗauka: "A cikin ɗalibai 60 na sashenmu, waɗanda suka ce suna barcin ƙasa da awa shida sun fi samun ƙaramin maki." Sa'an nan ka ware rabin minti a cikin jawabin ka faɗi suka mafi ƙarfi da bakinka: "Wani zai ce aikin dare ne sanadi. Na tambayi wannan, kuma ko a cikin marasa aiki bambancin yana nan," in har haka sakamakon ya nuna. In ba ka tambaya ba, ka ce binciken bai rufe wannan ƙofar ba. Masu kunya suna ganin faɗin rauni kamar miƙa wuya ne. A gaban malamai maki yake ƙarawa, kuma tambayar da ka riga ka amsa ba za ta zo maka bagatatan ba. Rubuta tambayoyi biyar mafi zafi a kati, amsar kowace jimla uku: amsa kai tsaye, dalili, da iyakar abin da ka sani. Ran gabatarwa, maimaita tambayar da ƙarfi kafin ka amsa. Na baya za su ji, kai kuma ka sami daƙiƙa biyar na tunani.

Akwai littattafan da ke koyar da dabarun cin gardama da jan ra'ayi. Suna da daɗin karatu, amma ajiye su tukuna. Kwamitin malamai ba taron siyasa ba ne, suna gane wayo da wuri.

Na uku shi ne na kunyar kanta: Overcoming Social Anxiety and Shyness na Gillian Butler, masaniyar halayyar ɗan'adam, wanda ya fito a 1999. Bayaninsa shi ne mai kunya yana juyar da hankalinsa ciki, yana sauraron bugun zuciyarsa, yana auna ko an ga hannunsa na rawa, sai ya ɗauka yadda yake ji a ciki haka mutane ke ganinsa. Daga nan sai ya ƙirƙiro dabarun kare kai: kallon allo maimakon mutane, magana da sauri don a gama, ƙanƙame takarda, rage murya. Matsalar ita ce waɗannan dabarun su ne ke sa a gane tsoron, kuma in an tashi lafiya sai ya ce ai su suka cece shi, tsoron ya zauna daram. Maganin da littafin ke bayarwa gwaji ne. Rubuta abin da kake hasashe zai faru, misali "in na yi shiru na daƙiƙa uku za su yi dariya", ka ba shi maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon yadda ka yarda da shi, ka aikata da gangan gaban mutum biyu, ka rubuta abin da ya faru da gaske. Dabara ɗaya za ka ajiye a kowane gwaji, kada ka ce duka rana ɗaya.

Wayarka za ta taimaka a nan. Jingina ta da littattafai, ka ɗauki kanka a tsaye kana magana da murya sosai. Kafin ka kalla, rubuta yadda kake zaton ka fito, sa'an nan ka kalla kamar wani baƙo ne. Yawanci rawar muryar da ta cika maka kunne da ƙyar ake jinta. Abin da za ka gani shi ne sauri, da "eh, eh" tsakanin jimloli, wanda shiru ke gyarawa.

Game da silaid, in lokaci ya rage leƙa The Craft of Scientific Presentations na Michael Alley. Shawara ɗaya ta ishe ka: kan kowane silaid ya zama cikakkiyar jimla da ba ta wuce layi biyu ba, ƙarƙashinta hoto ko jadawali, ba jerin rubutu ba. Maimakon "Sakamako", rubuta abin da sakamakon ya nuna. Ga mai kunya ribar biyu ce, don in ka ɓata, jimlar da za ka faɗa tana nan a sama. Silaid bakwai ko takwas sun isa.

Ka raba makonnin haka. Na farko, Lucas da Weston, ka fitar da takardar shiri da da'awar da aka rage. Na biyu, ka tsaya ka yi jawabin da baki kullum sau ɗaya da agogo, sau biyu a cikinsu da bidiyo. Bita a zuci ba ta shiga lissafi, don a zuci harshe ba ya sarƙewa. Na uku, gaban mutum ɗaya, sa'an nan uku, ka ba su katin tambayoyin su jefo maka, kuma in an bari, gwada sau ɗaya a ɗakin da za a yi, da majigin a kunne. In kuwa tsoron ya kai kana fashin lakca ko ka kasa barci kwanaki, ka ga mai ba ɗalibai shawara a jami'arku ko likita, littafi kaɗai ba zai wadatar ba.

Turo mini da'awarka a jimla ɗaya da tambayoyi biyar ɗin kafin ƙarshen makon nan, zan ƙara maka na shida. Ka gaida mutanen gida. Allah ya ba da sa'a.

Naka,
abokinka